Wasiƙa ga Iyayen 'Yan SS2: Inuwa, Rufin Kwano da Lissafin Kusurwa

"Malam, yarinyata ba ta taɓa faɗuwa lissafi ba sai wannan zangon. Kullum tana ta sin, cos, tan kamar mai karanta laƙani, amma ta dawo mini da takwas cikin talatin. Ni ko firamare ban gama ba, babanta kuma kafinta ne. Mene ne amfanin wannan abu, kuma me za mu iya yi mata a gida?"

Wata uwa, a taron iyaye da malamai na ranar Asabar

Ya ku iyayenmu maza da mata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fatan kuna lafiya, da iyali, da wannan sanyi namu na Jos.

Hajiya, ki yi haƙuri, ranar taro lokaci ya ƙure, na ba ki amsa a tsaitsaye. Da na duba makin gwajin, sai na ga fiye da rabin ajin suna tare da 'yarki, shi ya sa na ga gara in rubuta wa kowa. Kuma tun da farko zan gaya miki cewa malamin da ya fi dacewa da yarinyar nan yana cikin gidanki, shi yake cin tuwonki kullum. Zan zo kansa.

Sunan darasin tirigonometiri. Sunan ne mai nauyi, amma abin da ke ciki ɗaya ne rak. Ku ɗauki sanda mai tsawon mita 1 ku tsayar da ita a tsakar gida wajen ƙarfe huɗu na yamma, ku auna inuwarta. A ce kun sami mita 1.5. To a wannan lokacin, duk wani abin da ke tsaye a miƙe a unguwarku, inuwarsa ta ninka shi sau ɗaya da rabi: turken wuta, tankin ruwa, hasumiyar masallaci, ginin coci, har yaron da ke riƙe da sandar. Dalili kuwa shi ne hasken rana yana sauko musu duka a kusurwa ɗaya. Idan inuwar bishiyar mangwaron gidanku ta kai mita 12, ba sai kowa ya hau ba. A raba 12 da 1.5, tsayinta mita 8 ne.

Sandar da inuwarta da layin hasken da ya taso daga kan sanda zuwa ƙarshen inuwa, su uku sun yi alwatika, wato zane mai gefe uku. Inda sanda ta haɗu da ƙasa kusurwa ce ta digiri 90, irin wadda magini yake dubawa da sukwaya. Bishiya da inuwarta su ma sun yi alwatika, babba, amma sifarsu ɗaya da ƙaramar. Girma ya bambanta, rabon da ke tsakanin gefe da gefe bai canza ba. Wannan rabon shi ne duk darasin. Idan an raba tsayi da inuwa, amsar ita ake kira tan. A misalinmu 1 a raba da 1.5 ya ba da 0.667, kuma kusurwar da take da wannan lamba digiri 34 ce, saura kaɗan. Kowace kusurwa tana da lambarta da ba ta canzawa, a Jos ko a Makka, bana ko baɗi. Ta digiri 30 ita ce 0.577, ta digiri 45 ita ce 1 cif, ta digiri 60 kuma 1.732. Ɗan littafin nan mai cike da lambobi da yara suke kira fo-figa tebur ba wani sihiri ba ne, jerin waɗannan amsoshi ne da aka riga aka auna aka ajiye. Kalkuleta ma abin da take fitarwa ke nan.

Su kuma sin da cos ƙannen tan ne. Bambancinsu kawai shi ne suna amfani da gefe na uku, wato dogon gefen da ya kwanta a karkace, wanda a aji muke kira haifotenus. Idan an raba tsayi da dogon gefe, sin ke nan. Idan an raba na ƙasa da dogon gefe, cos ke nan. Babu na huɗu da yaranku za su buƙata a yanzu.

Masu lura da lokacin salla sun daɗe da sanin wannan. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a makarantun zaure, La'asar tana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an ƙara ɗan abin da ya saura na inuwa a lokacin da rana ta take. Awon kusurwar rana ne da sanda. Neman lokutan salla da alƙibla na cikin abin da ya sa malaman taurari irin su Al-Battani, wanda ya rasu a shekarar 929, suka bunƙasa wannan ilimi bayan sun karɓo shi daga Indiya da Girka. Akwai ma wani abin da yake ba yara dariya duk shekara. Mutanen Indiya suna kiran sin da kalmar da ke nufin tsarkiyar baka. Larabawa suka ari kalmar suka rubuta ta da baƙaƙensu, daga baya aka riƙa karanta ta jaib. Masu fassara zuwa Latin a ƙarni na 12 suka fassara jaib ɗin da tasu kalmar mai nufin lanƙwasar riga a ƙirji, daga nan sin ta fito. To wannan al-jaib ita ce muka ara muka ce aljihu. Ashe abin da ke ba yaranku tsoro, sunansa yana jikin rigar kowa.

Yanzu bari in koma ga Malam kafinta, don a wurinsa amfanin yake fitowa da kuɗi.

A ce za a rufe gida mai faɗin mita 8 da tsawon mita 12, rufi mai gangara biyu. Tsakiyar rufin tana bisa tsakiyar gida, saboda haka daga bango zuwa tsakiya mita 4 ne. Wannan shi ne gefen ƙasa na alwatikarmu. Katakon da ke tsaye a tsakiya shi ne tsayi, rafta kuma, wadda kwano yake kwanciya a kanta, ita ce dogon gefe. Mai gida ya ce yana son gangara ta digiri 30. Tambaya biyu ce ke gaban kafinta kafin ya tafi Kasuwar Katako: nawa ne tsayin na tsakiya, kuma nawa ne tsawon rafta?

Tsayi da na ƙasa aikin tan ne:

tsayi = 4 × tan 30° = 4 × 0.577 = 2.31

Na ƙasa da dogon gefe kuma aikin cos ne:

rafta = 4 ÷ cos 30° = 4 ÷ 0.866 = 4.62

Ke nan na tsakiya zai yi mita 2.31, kowace rafta mita 4.62, ban da ɗan abin da zai zarce bango don kada ruwan Agusta ya riƙa dukan gini. Kwanon da zai rufe gangara biyun shi ne 4.62 sau 12 sau 2, kusan murabba'in mita 111.

Sai matar gida ta ga irin dogayen rufin nan da ake yayi a Rayfield, ta ce ita ma irinsa take so. Aka mayar da gangara digiri 45. Gida bai ƙaru da ko taku ɗaya ba, amma na tsakiya ya koma mita 4, rafta ta koma mita 5.66, kwano kuma ya tashi zuwa kusan murabba'in mita 136. An sami ƙarin 25, wato sama da kashi 20 cikin 100 na kwano, ga ƙarin katako da ƙusa da ladan aiki. Duk wanda ya sayi bandir ɗin kwano kwanan nan ya san ba ƙaramin abu ba ne. Kafinta gwani yana gane wannan da ido da igiya, ba ya buƙatar kowa ya faɗa masa cos. Abin da darasin yake ƙara wa 'yarsa shi ne ta iya faɗin adadin tun ana zaune a tabarma, kafin a yanka katako ko ɗaya, kuma ta iya yi wa rufin da babu wanda ya taɓa yin irinsa. Da wannan lissafin mai safiyo yake fitar da iyakar fili, da shi injiniya yake yanka hanya a jikin dutse, da shi mai girka sola yake karkata faranti. A makaranta kuwa, ba a lissafi kaɗai yake tsayawa ba. Yaron da ke ajin kimiyya zai ci karo da shi a fiziks, wajen rarraba ƙarfi da jifa da lanƙwasar haske, kuma WAEC da NECO da JAMB duk suna tambayarsa. Na sha ganin yaro ya ce fiziks ne ya kayar da shi, in na buɗe takardarsa sai in tarar cos ce ta yi masa ƙafar ungulu.

To me ya sa yarinyar da take cin lissafi ta dawo da takwas?

Kashi na farko na laifin namu ne, mu malamai, kuma ban cire kaina ba. Shekarun farko da na fara koyarwa, ranar farko nake rubuta SOH CAH TOA a allo, in sa aji su yi ta rerawa har na maƙwabta su ɗauka. Haruffan tunatarwa ce: S, C da T su ne sin, cos da tan, H dogon gefe, O gefen da ke fuskantar kusurwar da ake magana a kai, A kuma gefen da ke manne da ita. Yara sukan haddace cikin minti biyar, ni kuma in fita ina jin na yi aiki. Ranar gwaji sai in ga kowa ya rubuta waƙar a saman takarda, daidai, ba kuskure, a ƙarƙashinta kuma ba komai. Sun san O bisa H, amma ba su san wane gefe ne O ba. Hadda ba laifi ba ce, mu da muka taso da allo mun san darajarta. Amma ko a makarantar allo, bayan hadda akwai fassara.

Da na tara takardun gwajin nan guda ɗaya bayan ɗaya, kurakuran ba su da yawa, maimaita kansu suke yi. Mafi girma shi ne rashin zane. Tambaya takan zo da zance: mutum yana tsaye mita 20 daga gindin ƙarfen sabis, ya ɗaga kai ya hangi ƙololuwarsa a kusurwar digiri 35, idonsa yana mita 1.5 daga ƙasa, a faɗi tsayin ƙarfen. Yaron da ya zana ya riga ya gama rabin aiki. Zai ja layi a kwance daga idon mutumin zuwa jikin ƙarfe, ya rubuta 20. Zai ja layi a tsaye, ya rubuta x. Zai haɗa su da na karkace, ya sa 35 a wajen ido. Yana dubawa zai ga abin da ke hannunsa na ƙasa ne, abin da ake nema tsayi ne, dogon gefe ba ruwansa a maganar, saboda haka tan ce.

x = 20 × tan 35° = 20 × 0.7002 = 14.0

Sannan ya tuna alwatikar daga ido ta fara, ba daga ƙasa ba, ya ƙara 1.5, ya sami mita 15.5. Wanda bai zana ba kuwa caca yake yi tsakanin abu uku. Da yawa sun ɗauki sin suka sami 11.5. Wasu sun ɗauki tan daidai, amma suka manta da tsayin mutumin, don ba ya cikin zanen da ba su yi ba.

Akwai kuma wani ruɗani da ke biyo bayan wannan. Yara sukan ɗauka O kullum shi ne gefen da ke tsaye, A kuma na kwance, don haka muke yawan zanawa a allo. Ba haka ba ne. Dogon gefe ne kaɗai ba ya sauya suna, shi ne kullum yake fuskantar kusurwar digiri 90. Sauran biyun suna musayar suna gwargwadon kusurwar da ka tsaya a kai, kamar yadda mace ɗaya take gwaggo a wurin wani, inna a wurin wani. Masu shirya jarrabawa sun san da haka, shi ya sa suke juya alwatika ta kwanta ko ta kifa.

Kuskure na gaba ba na tirigonometiri ba ne ma, tsohon bashi ne daga ƙaramar sakandare. Ku koma ga rafta. Yaro ya rubuta cos 30° = 4/x, daidai. Sai wajen fito da x ya ninka maimakon ya raba, ya sami 3.46. Hajiya, ki kai wa maigidanki wannan amsa ki ga yadda zai yi. Zai ce yaya za a yi rafta ta gaza mita 4, alhali ko a kwance aka shimfiɗa ta sai ta kai 4 kafin ta isa tsakiya? Wannan tambaya tasa ita ce abin da nake ta fama in dasa a kan yara. Dogon gefe dole ya fi kowane gefe tsawo. Daga nan ne kuma aka san sin da cos ba sa taɓa wuce 1, don ƙarami ake rabawa da babba. Duk yaron da ya rubuta sin ɗin wata kusurwa 1.4 ce, ya kifa lissafinsa, na sama ya koma ƙasa.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi ba ni takaici, don yaro yakan yi komai daidai ya faɗi. Kalkuleta tana auna kusurwa da ma'auni uku, kamar yadda ake da mudu da tiya. Namu shi ne digiri, kuma yakan nuna D ko DEG a saman gilashi. Idan ƙanen yaro ya yi wasa da ita ya mayar da ita R ko RAD, duk amsa ta lalace, kuma ba za ta yi ƙara ta faɗa ba. A tambayar ƙarfen sabis, maimakon 14.0 za ta ba da kusan 9.5, lamba mai kama da gaskiya. Gwajin ba ya cin daƙiƙa goma, kuma ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai iya: a danna sin, a danna 30, a danna =. In ta nuna 0.5, lafiya lau. In ta nuna −0.988, tana RAD. In ta nuna 0.454, tana ma'auni na uku, GRA. A gwajin da ya wuce, yara huɗu a ajina wannan ne kaɗai ya ci su.

To ga abin da nake roƙo a gida. Ban ce ku koya musu lissafi ba, wannan aikina ne, shi ake biyana.

Ku karɓi littafin aikin gida ku buɗe. Ba sai kun karanta ba. Ku duba kawai ko kowace tambaya tana da zanen alwatika a gefenta, da lambobi a jikin gefunan. In babu zane, a mayar masa ya sake, ko da ya rantse amsarsa daidai ce. A jarrabawar rubutu ta WAEC da NECO ana ba da maki a kan matakan aiki, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba, kuma a irin waɗannan tambayoyi zane yana cikin matakan. Bayan haka ku sa yatsa a kan zanen ku ce, "Nuna mini dogon gefe. Wace kusurwa aka ba ka? Wane gefe ne yake kallonta?" Sai ku juya littafin a kaikaice ku sake tambaya. Ba sai kun san amsa ba. Ku da kuka haife shi kun fi ni sanin muryarsa in yana da tabbas, da muryarsa in yana lalube. In ya fara "to, wato, kamar dai", ku sa alama a wurin da biro, ya kawo mini da safe.

In ya kawo amsa, ku yi masa tambayar kasuwa: wannan lamba ta yi kama da gaskiya? Bishiya mai mita 300 babu ita a Jos. Tsani mai mita 5 ba zai kai tagar da ke mita 7 ba. Akwai ma'auni mai sauƙi da zai riƙe: in kusurwa ba ta kai 45 ba, tsayi ba zai kai na ƙasa ba, in ta wuce 45, tsayi zai fi. Mutumin da ke mita 20 yana kallo a digiri 35, amsarsa dole ta gaza 20. Kuma tunda 35 ta ɗara 30, dole ta wuce 20 sau 0.577, wato 11.5. Da wannan kaɗai yaro zai kama kalkuletar da ta ba shi 9.5.

Ranar Asabar ko Lahadi, in rana ta fito, ku yi awon inuwa tare, sau ɗaya ma ya isa. Sandar tsintsiya ko taɓarya, da tef ɗin tela ko na kafinta. Amma ku kiyaye, don garinmu ba shimfiɗaɗɗe ba ne. In ƙasa tana da gangara, kamar yawancin gidajen da ke jikin dutse, inuwar da ta bi gangara za ta yi tsawo, wadda ta hau tudu ta gajarce, amsa ta karkace. A nemi fili mai daidaito, ko filin ƙwallo. Sanda ta tsaya a miƙe. A ɗaura dutse a zare a rataya a gefenta don a gani. A auna inuwa biyun a jere ba tare da an je shan shayi a tsakani ba, don da yamma inuwa gudu take yi. Kada a yi da tsakar rana, lokacin inuwa ta yi gajarta har kuskuren yatsa biyu zai ɓata lissafi. A nan Jos ma, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta rana takan bi ta tsakar ka, inuwar sanda ta kusa ɓacewa gaba ɗaya. Ƙarfe tara na safe ko huɗu na yamma ya fi. A fara da abin da aka san tsayinsa, kamar bangon gida ko ƙofa, don yaro ya ga lissafi ya faɗi gaskiya kafin a tafi ga bishiya. In an sami bambancin 'yan santimita, ba faɗuwa ba ce, a zauna a nemo daga ina ya shigo. Wannan neman ya fi amsar amfani.

Hadda kuma tana da wurinta. Kusurwa biyar ake so su zauna a ka: 0, 30, 45, 60 da 90, don tambayoyi da yawa, musamman na zaɓi, a kansu ake gina su, kuma akan so amsa ba da kalkuleta ba. Ga dabara: a rubuta 0, 1, 2, 3, 4, a sa wa kowace alamar √, a raba da 2.

sin: √0/2, √1/2, √2/2, √3/2, √4/2

Wato 0, 0.5, 0.707, 0.866 da 1. Na cos su ne dai, a karanto daga ƙarshe. Na tan kuma a raba sin da cos, sai dai a digiri 90 babu amsa, don cos ɗinta sifiri ce. A rubuta a kwali a manna a bangon ɗaki, ku riƙa jefa masa tambaya ɗaya ko biyu ana jiran abinci.

Game da kayan aiki, kowane yaro yana buƙatar mas-set nasa, da fo-figa tebur, da kalkuletar kimiyya mai sin, cos da tan. Ku yi mata gwajin 0.5 ɗin nan tun a gaban mai shago a Taminus. Don Allah kada waya ta zama madadinta. Ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya, kuma yaron da ya ari kalkuleta ranar jarrabawa yakan ɓata lokaci yana neman inda maɓallai suke. Ya saba da tasa tun yanzu. Lokacin aiki kuwa, tambaya uku kullum, minti ashirin kafin magariba tun da sauran haske, sun fi awa huɗu a daren gwaji. Na san 'yan mata da yawa suna komawa gida ne su tarar da wanke-wanke da ɗiban ruwa suna jira. Minti ashirin ɗin nan nake roƙa musu, iyayena mata.

Masu tunanin ɗaukar malamin lesin, ba na hana ku, amma ku fara gano inda ciwon yake. Ku ba yaro wannan: 0.5 = 4/x. In ya ce 8, hannunsa lafiya, zane ne matsalarsa. In ya ce 2, to kuɗin lesin ɗin tirigonometiri asara ne, a koma a gyara masa rabawa da juya lissafi tukuna, aikin mako biyu ne.

Dalilin gaggawata shi ne abin da ke tafe. Duk abin da na faɗa a sama yana aiki ne kawai a alwatika mai kusurwar digiri 90. Bayan hutun tsakiyar zango za mu shiga waɗanda ba su da ita, inda ake amfani da dokar sin da dokar cos, daga nan mu wuce lissafin alƙibla, wanda a aji muke kira biyarin. A can ana auna kusurwa ne daga arewa, a juya yadda hannun agogo yake tafiya, a rubuta da lamba uku: gabas 090°, kudu 180°, yamma 270°. Misalin da nake fara ba su shi ne namu na gida. Mukan ce mun fuskanci gabas in za mu yi salla, amma daga Jos alƙiblar Makka wajen 065° take, wato ta karkata daga gabas ta ainihi zuwa arewa da kusan digiri 25. Tambayoyin wannan sashe zance ne zalla, jirgi ya tashi daga nan ya juya can, kuma yaron da bai saba mayar da zance zane ba, ba shi da ko bakin zaren da zai kama. A SS3 kuma lissafin layukan duniya yana jira, shi ma a kan wannan aka ɗora shi.

Hajiya, na sake duba takardar 'yarki musamman. Kalkuletarta lafiya, rabawarta lafiya. A tambaya shida, babu zane ko ɗaya, kuma sau huɗu ta ɗauki sin inda ake son tan. Ki ce wa Malam in zai fita aikin rufi ranar da babu makaranta, ya tafi da ita da littafinta. Ta tsaya a ƙasa, ya faɗa mata faɗin ginin da tsayin na tsakiya, ita kuma ta zana, ta fitar masa da kusurwar gangara da tsawon rafta, sannan ya sa tef a gabanta a gani ko ta yi daidai. In da ƙafa da inci yake awo, ba komai, rabon bai san mita ba, in dai ba a gauraya ma'auni biyu a lissafi ɗaya ba.

Ina ɗakin malamai kowace Laraba daga tashi har ƙarfe uku da rabi. Duk mai zuwa ya taho da yaron, da littafin aikinsa, da kalkuletarsa. Za a sake gwajin mako biyu bayan dawowa hutu, kuma na riga na faɗa wa aji cewa maki goma cikin talatin na zane ne.

Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya ba mu ikon sauke nauyinsu.

Naku,
Malamin lissafi na SS2
Jos